Yadda za ka gyara wasiƙar neman afuwar kamfani ta daina kare kai, ta ɗauki laifi

Wasiƙar neman afuwa da kamfani ke aika wa abokan hulɗarsa bayan aiki ya tsaya takan bi ta hannun mutane da yawa kafin ta fita. Mai kula da talla ya ƙara yabon kamfani, injiniya ya ƙara bayanin da ke nuna ba daga sashensa ba ne, lauya ya goge duk inda aka ce "mu ne". Abin da ke isa ga kwastoma a ƙarshe takarda ce da kowa a cikin kamfanin ya wanke kansa da ita, shi kuma wanda aka ɓata wa rana bai ga kansa a ciki ba. Idan irin wannan daftarin ne aka ajiye maka a kan tebur aka ce ka gyara, ga yadda ake bi da shi.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Kamfani ne mai manhajar tura kuɗi da karɓar biya, wadda ƙananan 'yan kasuwa ke amfani da ita. Ranar Litinin da dare an sabunta manhajar. Ranar Talata daga ƙarfe 9:10 na safe zuwa 3:40 na yamma tura kuɗi ya ƙi tafiya, kuma wasu an cire musu kuɗi daga asusu amma bai isa wurin wanda aka tura wa ba. Ga daftarin da aka fara rubutawa:

"Ya ku abokan hulɗarmu masu daraja, a matsayinmu na kamfanin da ya daɗe yana ba ku ingantaccen aiki, gamsuwarku ce a kan gaba a wurinmu. A ranar Talata an samu 'yar tangarɗa ta ɗan lokaci wadda ta shafi wasu ƙalilan daga cikin masu amfani da manhajarmu, sakamakon matsala daga ɓangaren wani kamfani da muke hulɗa da shi, lamarin da ya fi ƙarfinmu. Jajirtattun injiniyoyinmu sun yi aiki tuƙuru har aka shawo kan matsalar. Muna ba da haƙuri idan har hakan ya jawo muku wani rashin jin daɗi. Muna kuma tunatar da ku cewa sharuɗɗan amfani sun bayyana ana iya samun katsewa lokaci zuwa lokaci. Duk mai ƙorafi ya tuntuɓi sashen kula da abokan hulɗa. Mun gode da fahimtarku. Sa hannu, Hukumar Gudanarwa."

Babu ƙarya ƙarara a cikin wannan wasiƙa, babu kuma rashin ladabi. Amma duk wanda kuɗinsa ya maƙale ranar Talata, idan ya karanta ta, ransa zai ƙara ɓaci ne.

Kafin ka taɓa kalma ko ɗaya, nemo abin da ya faru

Yawancin wasiƙun da ke kewaye-kewaye suna yin haka ne saboda wanda ya rubuta bai san takamaiman abin da ya faru ba. An gaya masa "an samu matsala", shi ma sai ya rubuta "an samu matsala". Don haka aikinka na farko ba rubutu ba ne. Ka je wurin injiniyan da ya yi aikin gyaran da wanda ke shugabantar masu amsa waya, ka zauna da kowannensu, ka fito da amsar tambayoyi kaɗan a rubuce: ƙarfe nawa abin ya fara, ƙarfe nawa muka sani, ƙarfe nawa muka gaya wa mutane, ƙarfe nawa ya ƙare, su wa ya shafa, me suka rasa, kuma wace shawara ce tamu da ta sa abin ya faru ko ya daɗe.

Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ake gudu, kuma ita ce zuciyar wasiƙar. A misalinmu, da aka matsa, sai ga abin da ya fito. Sabuntawar daren Litinin ta sa manhajar tana cire kuɗi daga asusun mai turawa tun kafin ɗaya kamfanin ya tabbatar da cewa ya karɓa. An gwada ta, amma a lokacin da mutane ba su da yawa, ba a gwada ta da cunkoso irin na safiyar ranar aiki ba. Gaskiya ne na'urorin ɗaya kamfanin sun yi nauyi a wannan safiyar, amma sun saba yin haka, kuma tsohuwar manhajar tana jurewa. Masu amsa waya sun fara jin koke tun kafin ƙarfe 9:30, amma shafin da ke nuna halin da aiki ke ciki ya ci gaba da cewa komai lafiya har ƙarfe 11:30. Komawa kan tsohuwar manhajar ya ɗauki sa'o'i saboda ba a tanadi hanyar komawa ba kafin a saki sabuwar.

Ka dubi bambancin da ke tsakanin wannan da "matsala daga ɓangaren wani kamfani". Yanzu kana da abin rubutawa.

Daga wurin masu amsa waya kuma ka roƙi su karanta maka saƙonnin kwastomomi kamar yadda suka zo, ba a taƙaice ba. A nan ne za ka ga mai shago da ya rubuta cewa mai saye yana tsaye a gabansa da kaya a hannu, wayarsa ta nuna an cire masa kuɗi, shi kuma bai ga komai ya shigo ba, har suka fara sa-in-sa. Za ka ga wadda ta tura wa ma'aikatanta albashi sau biyu don ta ɗauka na farkon bai tafi ba. Waɗannan su ne mutanen da kake rubuta wa, kuma da kalmominsu za ka bayyana ɓarnar.

Nemo inda kamfanin ya ɓuya

Yanzu ka ɗauki biro ka bi daftarin jimla bayan jimla, ka ja layi ƙarƙashin wanda ya yi kowane aiki. Za ka ga wani abu da ke maimaita kansa a kusan kowace wasiƙar kare kai. Inda aikin mai kyau ne, kamfanin yana nan tsaye da sunansa: "muna ba ku ingantaccen aiki", "injiniyoyinmu sun yi aiki tuƙuru". Inda aikin mummuna ne, sai mai yi ya ɓace: "an samu tangarɗa", "matsala ta auku", "wasu sun fuskanci jinkiri". Tangarɗar ta zama kamar ruwan sama, ta sauka a kan kamfani da kwastoma baki ɗaya, babu wanda ya kawo ta.

Gyaran shi ne ka mayar da "mu" wurin da aka cire shi. "An samu tangarɗa" ta koma "mun saki sabuntawar da ta tsayar da tura kuɗi". "An samu jinkirin sanarwa" ta koma "mun san da matsalar kafin ƙarfe 9:30, amma ba mu gaya muku ba sai ƙarfe 11:30". Idan ka kasa sa "mu" a gaban wata jimla saboda ba ka san wa ya yi ba, to binciken da ka yi bai isa ba, ka koma. Idan kuma ka sani amma shugabanni ba sa son a rubuta, wannan ba matsalar rubutu ba ce, magana ce da sai ka yi da su ido da ido kafin wasiƙar ta fita.

Akwai dalilin da ya sa na fi tsayawa a kan wannan mataki. A shekarar 2016 Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike da ya raba neman afuwa zuwa sassa shida: nuna takaici, bayanin abin da ya faru, amsa laifi, nuna nadama, tayin gyara ɓarna, da roƙon yafiya. Abin da suka gano shi ne amsa laifi ya fi kowanne tasiri, tayin gyara yana bi masa, roƙon yafiya kuma shi ne na ƙarshe. Ka sake duba daftarinmu: ya cika da godiya da ba da haƙuri, amma biyun da suka fi nauyi babu ko ɗaya.

Wani gargaɗi a nan. "Mu" ake so, ba sunan wani ma'aikaci ko wani sashe ba. Kamfanin da ya rubuta "wani ma'aikacinmu ya yi kuskure, kuma mun ɗauki mataki a kansa" bai ɗauki laifi ba, ya nemo wanda zai ɗora wa ne kawai. Mai karatu mai hankali zai tambaya: wane irin tsari ne kuke da shi da kuskuren mutum ɗaya zai tsayar da komai? A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge bayanai daga babbar ma'ajiyar kamfanin bisa kuskure, aka rasa bayanan kusan sa'o'i shida. Rahoton da kamfanin ya fitar daga baya ya fi mayar da hankali ne kan dalilin da ya sa hanyoyin ajiyar kwafi da suke dogaro da su ba su yi aiki ba a ranar da aka buƙace su. Wannan ita ce tambayar da ta shafi kwastoma, kuma amsarta a wuyan kamfani take.

Kalmomin da ke rage girman ɓarna

Sake bin daftarin, wannan karon kana neman ƙananan kalmomin da aka cusa don abin ya yi sauƙi: 'yar tangarɗa, ɗan lokaci, wasu ƙalilan, rashin jin daɗi. Kowacce ka cire ta, ka sa ainihin abin a wurinta. Ɗan lokaci sa'o'i shida da rabi ne, a tsakiyar ranar ciniki. Rashin jin daɗi kuwa kuɗin mutane ne da ya fita daga asusunsu bai isa inda aka tura shi ba.

"Wasu ƙalilan" ta fi sauran haɗari, domin sau da yawa gaskiya ce a lissafi. Lokacin da sabuntawar manhajar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci a ranar 19 ga Yulin 2024, Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na kwamfutocin da ke amfani da Windows. Amma a cikin wannan ƙaramin kason akwai na kamfanonin jiragen sama da asibitoci da bankuna. Wanda abin ya faɗa wa, a wurinsa ba kashi ɗaya ba ne, gaba ɗaya ne. Idan kana da adadin waɗanda abin ya shafa kuma ka tabbatar da shi, ka faɗe shi kai tsaye ba tare da "kawai" ko "ƙalilan" ba. Idan ba ka kammala ƙidaya ba, ka bayyana su wane ne: duk wanda ya yi ƙoƙarin tura kuɗi tsakanin lokaci kaza da kaza.

Sai "idan har". "Muna ba da haƙuri idan har hakan ya jawo muku matsala" na nufin kamfanin bai yarda cewa an samu ɓarna ba tukuna, yana jiran kwastoma ya kawo hujja. Alhali ka karanta saƙonninsu, ka san ta jawo. Cire ta. Haka ma "amma" da ke zuwa bayan neman afuwa, domin duk abin da ya biyo bayanta yana goge abin da ya gabace ta. Jimlar da ke tunatar da mutane sharuɗɗan amfani ita ma "amma" ce da ta sauya riga, kuma ba ta da gurbi a wannan wasiƙa ko kaɗan. Sharuɗɗan suna nan ko an ambace su ko ba a ambata ba. Ambatonsu a nan yana gaya wa kwastoma cewa kun riga kun fara shirin faɗa da shi.

"Mun gode da fahimtarku" ma na fi son a cire. Ba su ce sun fahimta ba, kuma godiya a kan abin da mutum bai bayar ba tana kama da rufe masa baki.

Yadda za a ambaci ɗaya kamfanin

Nan ne gardama ta fi zafi a cikin gida, domin injiniyoyi za su ce maka, da gaskiyarsu, na'urorin ɗaya kamfanin sun yi nauyi a ranar. Me ya sa za mu ɗauki laifin wani?

Amsar ita ce kwastoma bai ƙulla komai da wancan kamfani ba. Bai zaɓe shi ba, wataƙila bai taɓa jin sunansa ba. Ku kuka zaɓe shi, ku kuka yanke shawarar dogara da shi ba tare da madadi ba, kuma ku ne ake biya. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani, kuma mai karatu yana gane wannan hangen tun daga jimlar farko. Ba ana nufin a ɓoye gaskiya ba. Kana iya ambaton abin da ya faru a waje, muddin ya zo a matsayin bayani, kuma jimlar ta ƙare a kan abin da ku kuka gaza yi. Gwada waɗannan biyun ka ji bambanci. Na farko: "Matsalar ta samo asali ne daga wani kamfani da muke hulɗa da shi." Na biyu: "Kamfanin da ke tabbatar mana da biya ya yi jinkirin amsawa a safiyar, abin da ya saba faruwa, kuma aikinmu ne manhajarmu ta jure hakan. Sabuntawar da muka saki ba ta jure ba."

Ko a inda dalilin waje yake da girma sosai, haka abin yake. A Fabrairun 2007 guguwar ƙanƙara ta faɗa wa filin jirgin JFK a New York, fasinjojin kamfanin jiragen sama na JetBlue suka shafe sa'o'i masu yawa a cikin jirage a ƙasa, soke tashin jirage ya ci gaba har kwanaki. Ba kamfanin ya kawo ƙanƙarar ba. Duk da haka shugabansa na lokacin, David Neeleman, ya nemi afuwa a bainar jama'a a kan yadda kamfanin ya kasa farfaɗowa, sannan suka fitar da takardar haƙƙin fasinja wadda ta fayyace diyyar da za a biya gwargwadon tsawon jinkiri. Yanayi ba a hannunsu yake ba, amma abin da suka yi da fasinjoji bayan ya ɓaci a hannunsu yake, kuma a kan wannan suka yi magana.

Mayar da kuɗi da alkawari

Daftarin farko ya ce duk mai ƙorafi ya tuntuɓi sashen kula da abokan hulɗa. Wato kamfanin ya yi ɓarna, sannan ya ba wanda aka yi wa ɓarnar aikin bin layi. Alhali kamfanin yana da jerin duk asusun da aka cire wa kuɗi, ya fi kwastoman sanin ko nawa ne. Duk abin da za ku iya gyarawa ba tare da an roƙe ku ba, ku gyara, wasiƙar ta zo tana ba da labarin an yi ko ranar da za a gama. Layin waya ya zama na wanda ranar ta wuce bai ga nasa ba, ko wanda ya yi wata asara da ba ta bayyana a lissafinku.

Ka rarrabe abu biyu a rubutun. Mayar wa mutum kuɗinsa ba kyauta ba ce, don haka kada ka rubuta shi da muryar mai yin alheri. Diyya ita ce abin da aka ƙara a kai saboda ranar da aka ɓata masa, kuma dole ta yi daidai da girman ɓarnar, in ba haka ba gara babu. Rangwame a kan sayayya ta gaba shi ne mafi muni, domin yana cewa sai ka sake kashe kuɗi a wurinmu kafin ka amfana.

Alkawari kuma ka auna shi da tambaya ɗaya: bayan wata guda, kwastoma zai iya sanin ko mun cika ko ba mu cika ba? "Za mu ƙara ƙaimi" ba ya aunuwa. "Hakan ba za ta sake faruwa ba" alkawari ne da babu kamfanin da ke iya riƙewa, kuma ranar da aiki ya sake tsayawa, ko da a kan wani dalili ne daban, wannan jimlar za a ɗauko a nuna muku. Ka rubuta abu biyu ko uku da kowanne ke toshe ɗaya daga cikin ramukan da ka gano a bincikenka, kowanne da lokacinsa. Kuma kada ka rubuta ko ɗaya sai wanda zai aiwatar da shi ya ce maka ya yarda da ranar.

Jera ta yadda mai fushi zai karanta

Mutum zai buɗe wannan saƙo ne a waya, yana cikin fushi, kuma wataƙila layi uku kawai zai karanta. Don haka yabon kamfani da ke buɗe daftarin ya fita gaba ɗaya. Abin da ya faru da neman afuwa su zo a sakin layi na farko, maganar kuɗinsa ta biyo nan take, sannan dalili, sannan gyara. Taken saƙon ma ya faɗi abin da ke ciki. "Muhimmiyar sanarwa" ba take ba ne. A ƙasa kuma mutum mai suna da muƙami ya sa hannu, wanda yake da ikon cika abin da aka rubuta, domin "Hukumar Gudanarwa" ba wanda zai iya kiranta ya tambaye ta.

Neman afuwar kansa sau ɗaya ya isa, a fili, kusa da farko. Saƙon farko da shugaban CrowdStrike, George Kurtz, ya wallafa a ranar da sabuntawarsu ta durƙusar da kwamfutoci ya yi bayanin cewa an gano matsalar, an fitar da gyara, kuma ba harin kutse ba ne, amma babu neman afuwa a ciki. An yi ta sukarsa a kan haka, sai daga baya a wannan ranar ya nemi afuwa a talabijin. Bayanin daidai ne, abin da ya rasa jimla ɗaya ce. A ɗaya gefen kuma, wasiƙar da ke neman afuwa a kowane sakin layi tana juya hankali zuwa ga damuwar kamfani, har kwastoma ya ji kamar shi ake so ya lallashe su.

Ga wasiƙar bayan gyara:

"Take: Tsayawar tura kuɗi ranar Talata, da yadda za mu mayar muku da kuɗinku

Ranar Talata daga ƙarfe 9:10 na safe zuwa 3:40 na yamma manhajarmu ta kasa tura kuɗi. Wasunku mun cire muku kuɗi bai isa ga wanda kuka tura wa ba, wasu kun rasa ciniki mai saye na tsaye a gabanku, wasu kun biya sau biyu. Laifinmu ne, kuma muna neman afuwarku.

Duk kuɗin da ya maƙale zai koma asusunku kafin ƙarfe 6:00 na yammacin Alhamis. Ba sai kun kira ko kun cike wata takarda ba, za ku ga saƙo da zarar ya shiga. Mun kuma yafe kuɗin hidimar wannan watan ga duk wanda ya yi ƙoƙarin tura kuɗi a cikin waɗannan sa'o'i.

Ga abin da ya faru. Daren Litinin mun saki sabuntawa wadda ke cire kuɗi kafin a tabbatar da an karɓa, kuma ba mu gwada ta da cunkoso irin na safiya ba. Da kamfanin da ke tabbatar mana da biya ya yi jinkirin amsawa, abin da ya kamata manhajarmu ta jure, sai kuɗi ya riƙa fita ba ya isa. Mun san da matsalar kafin ƙarfe 9:30, amma ba mu sanar da ku ba sai 11:30, kuma a wannan tsakanin da yawanku kun ci gaba da turawa. Gyaran ya daɗe saboda ba mu tanadi hanyar komawa kan tsohuwar manhajar ba.

Daga yau ba za mu saki wata sabuntawa ba sai an gwada ta da cunkoso kuma an gwada hanyar janye ta. Idan tura kuɗi ya tsaya, za mu sanar da ku a cikin manhajar cikin minti goma sha biyar da saninmu, mu kuma dakatar da turawa har a gyara. Ranar Juma'ar mako mai zuwa za mu aiko muku da cikakken rahoto.

Idan Alhamis ta wuce ba ku ga kuɗinku ba, ko kun yi wata asara da ba mu ambata a nan ba, ku amsa wannan saƙon. Mutum ne zai karanta, kuma za ku ji daga gare mu cikin kwana ɗaya na aiki."

Sai sunan shugaban kamfanin da muƙaminsa.

Lura da jimlar da ke cewa sun sani kafin 9:30 amma suka yi shiru har 11:30. Ita ce za a fi matsa maka ka cire, kuma ita ce ta fi kowacce amfani. Kwastomomin sun riga sun san da wannan shirun, domin suna kallon shafin yana cewa komai lafiya alhali kuɗinsu na ɓacewa. Idan wasiƙar ta tsallake shi, za su ɗauka sauran abin da ke cikinta ma an tace shi.

Zama da lauya

Kada ka kauce wa lauyan kamfani, kuma kada ka miƙa masa wasiƙar ka tafi. Ka zauna da shi a kan daftarin da ka gyara, duk jimlar da ya ce a cire ka tambaye shi wane haɗari take ɗauke da shi takamaimai. Sau da yawa za ka ga damuwarsa ta tsaya ne a kan abu biyu: faɗin dalilin da ba a tabbatar ba tukuna, da alkawarin diyya marar iyaka. Duka biyun yana da gaskiya, kuma ana gyara su ba tare da an taɓa "laifinmu ne" ba. Dalilin da ba a tabbatar ba, a rubuta cewa ana kan bincikensa tare da ranar da za a kawo sakamako. Diyya kuma a fayyace wa ta shafa da kuma iyakarta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila da Wales, alal misali, sashe na 2 na dokar diyya ta 2006 ya ce neman afuwa ko tayin gyara ɓarna shi kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. Ka tambayi lauyanku abin da dokar inda kuke aiki ta tanada, musamman idan an ji wa wani rauni ko bayanan sirrin mutane sun fita, domin a nan akwai wa'adin sanarwa da doka ke sawa, kuma wasiƙar ba ta maye gurbinsa.

Kafin ka danna aikawa

Ka kai wasiƙar wurin ɗaya daga cikin masu amsa waya da suka sha zagi ranar Talata, ka ce ya karanta ta da ƙarfi kamar yana gaya wa mai shagon nan da mai saye ya tsaya a gabansa. Duk inda muryarsa ta yi rauni ko ya tsaya ya dube ka, akwai sauran kare kai a wurin. Ka tambaye shi kuma wace tambaya ce mutane za su kira su yi bayan sun karanta. Idan ya ce za su tambayi ko kuɗin da aka tura sau biyu ma zai dawo, to amsar ta shiga cikin wasiƙar tun yanzu.

Ka tabbatar masu amsa waya sun samu wasiƙar kafin kwastomomi, tare da izinin aiwatar da abin da ke cikinta, don kada mutum ya kira yana karanto alkawarin shugaban kamfani a ce masa ba a san da zancen ba. Ka raba jerin waɗanda za a aika wa: wanda kuɗinsa ya maƙale ya samu wannan cikakkiyar, wanda bai yi amfani da manhajar a ranar ba gajeren bayani ya ishe shi. Sannan ka sa ranakun nan biyu, Alhamis ƙarfe 6:00 da Juma'ar mako mai zuwa, a kalandar mutumin da ya sa hannu. Idan da tsakar ranar Alhamis ta bayyana cewa wasu asusun ba za su kammala ba, saƙo na biyu ya fita kafin ƙarfe shida, ya faɗi asusun da suka rage, dalilin jinkirin, da sabon lokacin da kuɗin zai shiga.